Idan Mac ta ƙi tashi: yadda ake sake girka macOS daga Recovery, da ainihin aikin Internet Recovery

Mutum ya danna maɓallin kunna Mac ɗinsa, fuskar ta yi haske, amma maimakon ta kai shi inda zai saka kalmar sirri sai ta tsaya a kan hoton jaka mai alamar tambaya yana ƙyaftawa, ko da'ira mai layi a gicciye, ko tambarin Apple da sandar lodi wadda ta kai rabi ta cije. A irin wannan lokaci shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a yi wa na'urar fomatin. Wannan shawara ce ta fi kowace janyo asarar fayiloli, domin sake girka macOS aiki ne daban, goge ma'ajiya kuma aiki ne daban, kuma sau da yawa na farkon kaɗai ake bukata.

Alamun nan uku ba abu ɗaya suke nufi ba. Jaka mai alamar tambaya na nufin kwamfutar ta nemi ma'ajiyar da za ta tashi daga gare ta ba ta samu ba, ko dai don babbar manhajar ta lalace, ko don ma'ajiyar kanta ta daina amsawa. Da'ira mai layi na nufin ta sami babbar manhaja, amma ba wadda za ta iya aiki da ita ba. Sandar da ta tsaya kuwa na nuna an fara lodi, wani abu ya tare hanya. Idan fuskar ba ta yi haske ko kaɗan ba, babu ƙara, babu motsin fanka, to galibi matsalar ta wuta ce ko ta ƙarfen na'urar.

Abin da ake kira Recovery wata 'yar ƙaramar babbar manhaja ce da ke ɓoye a wani sashe na ma'ajiyar Mac, wadda ba ta dogara da macOS ɗin da ake aiki da shi kullum ba. Apple ya shigo da ita a 2011 tare da OS X Lion, lokacin da ya daina sayar da manhajarsa a faifan DVD, kuma a wancan zamani girman sashen megabayit 650 ne kacal. Ba ta ƙunshe da cikakken macOS. Abin da ke cikinta shi ne kayan gyara: Disk Utility na duba ma'ajiya, Terminal na rubuta umarni, Safari na neman bayani, hanyar maido da ajiya daga Time Machine, da kuma Reinstall macOS, wanda shi kansa sai ya sauke manhajar daga rumbun Apple kafin ya girka. Ke nan ko Recovery na cikin gida aka shiga, ba a tsira daga bukatar intanet ba.

A Mac mai masarrafin Intel ana shiga ne ta hanyar kunna na'urar a riƙe wasu madannai nan take, kuma haɗin madannan da aka riƙe shi ne ke yanke irin sigar da za a ba mutum. Command-R na buɗe Recovery na cikin ma'ajiya, ya ba da sigar macOS ta ƙarshe da aka girka a kan na'urar. Option-Command-R na tafiya ta intanet, ya ba da sigar da ta fi sabunta a cikin waɗanda na'urar za ta iya ɗauka. Shift-Option-Command-R shi ma ta intanet yake bi, amma sigar da na'urar ta fito da ita daga kamfani yake kawowa, ko mafi kusa da ita da har yanzu ake samu. Bambancin madanni ɗaya ne tsakanin na biyu da na uku, amma yana iya zama bambancin shekaru shida ko bakwai a manhaja.

Waɗannan biyun na ƙarshe su ne Internet Recovery, kuma yana da kyau a fahimci abin da ke faruwa a ciki. A jikin allon kwamfutar akwai wata manhajar tushe da ke dashe, wadda ita ce ke farkawa tun kafin a taɓa ma'ajiya. Daga na'urorin tsakiyar 2011 zuwa gaba, da wasu na 2010 da farkon 2011 da suka sami sabuntawa, an koya wa wannan manhajar tushe yadda za ta haɗu da Wi-Fi ko wayar intanet da kanta, ta tuntuɓi rumbun Apple, ta sauko da kwafin Recovery, ta ajiye shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ta tashi daga can. Shi ya sa yake aiki ko da ma'ajiyar sabuwa ce fil babu komai a kanta, ko ta mutu gaba ɗaya. Alamarsa ita ce hoton duniya yana juyawa, da ƙiyasin lokaci a ƙasansa. Idan aka riƙe Command-R kuma hoton duniya ya fito maimakon tambarin Apple, wannan kansa labari ne: na'urar ta nemi Recovery na cikin gida ba ta samu ba, sai ta koma intanet da kanta.

Abu biyu ne mutane suka fi kuskuren fahimta a nan. Na farko, hoton duniyar nan bai girka komai ba kuma bai goge komai ba, kayan gyara kawai yake saukewa, ɗaruruwan megabayit, kuma da zarar an kashe na'urar sun ɓace, sai an sake saukewa. Na biyu, saukewar gaske tana gaba, bayan an danna Reinstall macOS, kuma daga Big Sur zuwa yau cikakken macOS ya kai gigabayit 12 ko fiye. Wanda ke aiki da datar waya ya kamata ya yi wannan lissafi tun kafin ya fara, domin idan data ta ƙare a tsakiya yana iya komawa farko.

Manhajar tushen nan ba ta da wayon cikakken macOS wajen haɗuwa da intanet. Tana karɓar Wi-Fi na gida mai kalmar sirri guda irin WPA ko WPA2, amma ba ta iya buɗe shafin shiga irin na otal, jami'a ko filin jirgi inda ake rubuta suna ko lambar tikiti, kuma ba ta aiki da tsarin ofisoshi inda kowane ma'aikaci ke da sunansa da kalmarsa. Idan haɗin ya gaza, hoton duniyar yakan tsaya da alamar motsin rai da wata lamba kamar -2002F ko -2003F. Maganin da ya fi ci shi ne a sauya hanyar intanet, ko a jona waya kai tsaye daga rauta zuwa kwamfutar, wanda a ganina ya fi kowace dabara rage ɓacin rai. Lambar -1008F ta bambanta, domin a na'urori masu T2, masarrafin tsaro da Apple ya saka a wasu Mac na Intel, takan shafi Activation Lock, wato kullen da ke ɗaure na'ura da asusun Apple na mai ita.

Mu ƙaddara wata ɗaliba ce ke da MacBook Pro mai inci 13 ta farkon 2015, mai ma'ajiyar gigabayit 128, tana kan macOS Monterey. Batirin ya tsufa, ba ya riƙe caji. Tana cikin sabunta manhaja aka ɗauke wuta, na'urar ta mutu, ta kwana biyu a jaka ba caji. Da ta kunna sai jaka mai alamar tambaya. Babi huɗu na aikin kammala karatunta suna ciki, babu kwafi a ko'ina.

Matakin farko shi ne a jona caja a wutar da aka tabbata ba za ta yanke ba na tsawon awanni, janareta ko inbata, tunda batirin ba abin dogaro ba ne. Aka riƙe Command-R, sai hoton duniya ya fito. Bayan an jira, tagar da ta buɗe tana ɗauke da sunan OS X Utilities, kuma abin da take tayin girkawa shi ne OS X Yosemite. Wannan yakan faru idan na'ura ta koma intanet da kanta, kuma Yosemite ita ce sigar da wannan samfurin ya fito da ita. Aka danna Reinstall OS X, aka zo inda ake zaɓen ma'ajiya, babu Macintosh HD a jeri. Aka buɗe Disk Utility, ga ma'ajiyar ana ganin sunanta da girmanta, amma sashen da ke ƙarƙashinta ya dusashe, ba ya buɗuwa.

A daidai wannan gaɓa ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Mai gaggawa zai ce ma'ajiyar ta lalace, ya danna Erase, kuma lalle bayan haka Yosemite za ta girku lafiya, sai dai babi huɗun sun tafi. Alhali ma'ajiyar tana iya kasancewa lafiya ƙalau. Dalilin shi ne a 2017, tare da High Sierra, Apple ya sauya tsarin jera fayiloli a ma'ajiya zuwa wanda ake kira APFS, kuma Yosemite, wadda ta fito a 2014, ba ta san wannan tsari ba sam. Kamar a miƙa wa wanda boko kaɗai ya iya takardar ajami ne: rubutun yana nan daram, mai karatun ne bai san haruffan ba. Saboda haka abu na farko da ya kamata ido ya nema a duk tagar Recovery shi ne sunan sigar da ke rubuce, kuma idan ta girmi wadda ke kan na'urar da nisa, a kashe a fita ba tare da an taɓa komai ba.

Aka sake kunnawa da Option-Command-R. Hoton duniya ya sake juyawa, amma wannan karon Recovery na Monterey ne ya zo, tunda Monterey ce sigar ƙarshe da samfurin 2015 ke ɗauka. A Disk Utility aka shiga View aka zaɓi Show All Devices, domin idan ba haka ba sassan sama kawai yake nunawa. Sai ga jeri mai hawa uku: ma'ajiyar ƙarfe a sama, Container a ƙarƙashinta, sannan Macintosh HD da Macintosh HD - Data. Wannan rabuwa biyu ta faro ne daga Catalina a 2019. Na farkon shi ne gidan babbar manhaja, wanda karanta shi kawai ake yi, na biyun kuma shi ne inda fayilolin mai na'ura, hotunansa da manhajojin da ya saka suke. Daga Big Sur ma an ƙara wa na farkon hatimi, ta yadda idan wani abu ya sauya a cikinsa na'urar ba za ta yarda ta tashi da shi ba. Wannan tsari ne ya sa Reinstall macOS ke iya sabunta gidan manhaja ya bar gidan fayiloli yadda yake.

Idan an kunna FileVault, tsarin da ke kulle ma'ajiya da kalmar sirri, sashen Data zai bayyana a kulle, sai an zaɓe shi an danna Mount an saka kalmar sirrin mai na'urar. Daga nan aka gudanar da First Aid, abin duba ma'ajiya da gyara ta a Disk Utility, daga ƙasa zuwa sama: sassan biyu tukuna, sannan Container, sannan ma'ajiyar kanta. Sakamakon na iya zama ɗaya cikin uku. Ko ya ce komai lafiya, ko ya gyara abin da ya samu, ko ya ce ya kasa. Akwai kuma na huɗu da ya fi su muni, wato a ce ko da Show All Devices babu ma'ajiyar ciki a jerin kwata-kwata. Wannan ba aikin manhaja ba ne, ma'ajiyar ce ko mahaɗinta, kuma a samfurin 2015 ana iya cire ta a sauya, sabanin na'urorin baya-bayan nan da aka like tasu a jikin allo.

Ko da First Aid ya ce lafiya, ni ba na danna Reinstall macOS sai na kwashe abin da ba a iya sake samu. Girki aiki ne mai yawan rubutu a kan ma'ajiya, kuma ma'ajiyar da ke gab da mutuwa a irin wannan nauyi take ƙarasawa. Aka jona ma'ajiyar waje, aka rufe Disk Utility, aka buɗe Terminal daga Utilities:

```
ls /Volumes
cp -R "/Volumes/Macintosh HD - Data/Users/suna/Documents" /Volumes/Waje/
```

Layin farko na nuna sunayen ma'ajiyoyin da ke buɗe, na biyun kuma na kwafe jakar Documents, inda za a maye gurbin suna da sunan asusun mai na'urar, Waje kuma da sunan ma'ajiyar da aka jona. Wanda ke da Mac ta biyu da wayar Thunderbolt yana iya kunna mai matsalar yana riƙe da T, sai ta bayyana a ɗayar kamar ma'ajiyar waje, da sharaɗin ita ma ta biyun tana kan High Sierra ko sama.

Babi huɗun sun fita. Aka koma aka danna Reinstall macOS Monterey, sai saƙo ya fito: The recovery server could not be contacted. Intanet na aiki, Safari ma zai iya shaida haka, amma girkin ya ƙi farawa. Inda ya kamata a fara dubawa shi ne agogo. Da batirin ya ƙare ƙurmus, na'urar ta manta kwanan wata, ta koma shekaru da yawa baya, kuma takardun shaidar tsaro da rumbun Apple ke gabatarwa suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka na'urar da ke zaton tana wata tsohuwar shekara za ta ƙi amincewa da su. Ana dubawa a gyara a Terminal:

```
date
date 0314093025
```

Lambobin bibbiyu ake karanta su: wata, rana, awa, minti, shekara. Wannan misali na nufin 14 ga Maris 2025, ƙarfe 9:30 na safe, kuma kwanan ranar da ake aikin za a rubuta. Akwai wata matsalar mai kama da wannan amma ta juye, wadda ke samun masu tsohon filashin girki: takardun shaidar tsofaffin manhajojin girkin Apple sun ƙare a ranar 24 ga Oktoba 2019, shi ya sa kwafin da aka sauke kafin lokacin kan ce ya lalace alhali lafiyarsa lau, kuma sabon kwafi ne maganinsa.

Saura wuri. Monterey na neman sarari kusan gigabayit 26 idan daga Sierra ko sama ake tahowa, kuma a ma'ajiyar gigabayit 128 da ta cika da bidiyo wannan kaɗai ya isa ya hana girki. Disk Utility na nuna abin da ya rage, kuma tunda an riga an buɗe sashen Data, ana iya kwashe manyan fayiloli zuwa waje a rage kaya. Bayan haka aka zaɓi Macintosh HD, ba Macintosh HD - Data ba, aka bar na'urar. Za ta sake tashi da kanta fiye da sau ɗaya, fuskar za ta yi baƙi na wasu mintuna, ƙiyasin lokacin zai yi ta hawa da sauka, kuma a duk tsawon wannan ba a rufe murfi, ba a zare caja. Idan aka gama, tagar kalmar sirrin da ta saba gani ce za ta fito, da hoton bangonta da fayilolinta a inda ta bar su.

Erase yana da lokacinsa: idan First Aid ya kasa gyara kuma an riga an kwashe fayiloli, ko za a sayar da na'urar, ko ana son komawa tsohuwar siga, tunda macOS ba ya yarda a girka tsohuwa a kan sabuwa.

Inda intanet ba ta da tabbas, filashin girki ya fi Internet Recovery kwanciyar hankali, domin sau ɗaya ake saukewa. A wata Mac mai lafiya ake sauke manhajar girkin, a jona filashin gigabayit 16 ko fiye wanda babu abin bukata a kansa, tunda za a goge shi, a rubuta wannan a Terminal, a maye gurbin MyVolume da sunan filashin:

```
sudo /Applications/Install\ macOS\ Monterey.app/Contents/Resources/createinstallmedia --volume /Volumes/MyVolume
```

Sai a jona shi a mai matsalar a kunna ana riƙe da Option a zaɓe shi. Na'urori masu T2, waɗanda suka fara da iMac Pro a 2017 suka yaɗu daga 2018, suna zuwa ne a rufe daga tashi ta filashi, sai an shiga Startup Security Utility a Recovery an ba da izini da kalmar sirrin mai gudanarwa. Wanda ya goge ma'ajiya kafin ya buɗe wannan izini ya goge asusun da zai ba da shi, ya zama ba shi da mafita sai intanet.

Duk wannan bayani na madannai na Intel ne. Daga Nuwamba 2020, da fitowar M1, masarrafin Apple na farko a Mac, tsarin ya sauya. Ana kashe na'urar, a danna maɓallin wuta a ci gaba da riƙewa har sai Loading startup options ya bayyana, a zaɓi Options, a danna Continue. Babu hoton duniya mai juyawa a waɗannan na'urori, domin ba su da Internet Recovery irin na Intel, ko da yake girkin kansa yana bukatar intanet. Abin da suke da shi shi ne Recovery na ko-ta-kwana, wanda ake shiga ta danna maɓallin wuta sau biyu da sauri a riƙe a na biyun. Idan shi ma ya gaza, ko alamar motsin rai a cikin da'ira ta fito, sai an nemo Mac ta biyu da wayar USB-C, a saka mai matsalar a yanayin DFU, wanda ke ba Mac ta biyun damar gyara manhajar tushenta, a yi aiki da Apple Configurator, ko da Finder idan ta biyun tana kan Sonoma ko sama. Zaɓi biyu ne a can, sunayensu na kama da juna amma sakamakonsu ya yi hannun riga. Revive na sabunta manhajar tushe da Recovery ba tare da taɓa fayiloli ba, Restore kuwa na share ma'ajiyar gaba ɗaya, don haka Revive ake fara gwadawa.

Ga masu sayen Mac ta hannu, wadda ita ce mafi yawa a kasuwanninmu, akwai iyakar da babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke ƙetarewa. A na'ura mai T2 ko masarrafin Apple, idan mai ita na farko ya bar Find My, tsarin neman na'urar da ta ɓata, a kunne, to bayan gogewa Activation Lock zai nemi asusunsa da kalmar sirrinsa, kuma ko Restore ba ya cire shi, domin a rumbun Apple kullen yake, ba a ma'ajiya ba. Na'urar tana iya yin shekara tana aiki a hannun mai saye ba tare da wata alama ba, sai ranar da aka goge ta. A na Intel kuma akwai kalmar sirrin manhajar tushe, wadda ke bayyana a matsayin hoton kwaɗo da gurbin rubutu da zarar an riƙe Command-R ko Option, kuma Apple ko wakilinsa mai izini ne ke cire ta, bayan an nuna shaidar saye. Ana iya gano su tun a shago kafin a biya kuɗi: a shiga Recovery a gaban mai sayarwa a ga ko kwaɗon zai fito, sannan a buɗe System Information, inda a ƙarƙashin Hardware akwai layin Activation Lock Status da ke nuna Enabled ko Disabled.